FILIN MANOMA: Tsohon Janareta Ko Sabo, Wanne Ya Fi Araha?

 A wannan mako za mu ɗan ajiye zancen taki da iri, mu ɗauki alƙalami mu yi lissafi. Dalili kuwa, kwanan baya na je duba kajin wani dattijo a Hanwa, kusa da hanyar da ta tashi daga Kwangila ta nufi Samaru, sai na tarad da shi tsaye a kan bakanike, an baje janaretansa a kan buhu. Yana da kaji masu ƙwai irin na Shika wajen ɗari biyar, da ɗan lambu a bayan gida, da rijiyar burtsatse. In an ɗauke wuta, wannan inji shi ke jawo ruwa, shi ke niƙa abincin kaji, shi ke haska ɗakinsu.

Da muka gaisa ya ce mini, "Malam, ku da kuka yi makarantar aikin gona, raba mini gardama. Yarana sun dame ni in sayi sabo, naira miliyan ɗaya cur. Ni kuwa na ce da tsohuwar zuma a ke magani. Bakanike ya ce da dubu ɗari zai yi masa garambawul, ya ƙara shekara uku. Ina dubu ɗari, ina miliyan?"

Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, kuɗin da za ka fitar yau kaɗai ka duba. Inji kuwa kamar doki ne, sayensa rana ɗaya, ciyarwa kullum. Bari mu auna cinsa tukuna."

Abin da muka yi ni da shi, shi zan bayyana muku daki daki. Kuɗin da za ku gani na daidaita su don lissafi ya yi sauƙi. Kowa sai ya sa nasa farashin na ranar da ya ke lissafi, hanyar dai ɗaya ce.

AUNA CIN MAI

Abu na fari, kada mutum ya yi wa inji hukunci da ka. A cika tanki har wuya, a ɗora masa aikin da ya saba yi, watau famfo da fitilu da injin niƙa, a bar shi awa biyu daidai. Sa'an nan a kashe, a bari ya huce, a sake cika shi da gorar da aka san awonta. Abin da aka zuba, shi ya sha.

Amma kafin a auna, a dubi hayaƙinsa. Baƙin hayaƙi alama ce mai ya fi iska yawa a cikin inji. Galibi matatar iska ce ta toshe da ƙurar hunturu, ko kabireta ta yi datti, kuma wannan gyara ne na kuɗi kaɗan. Shuɗin hayaƙi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, watau ringi ya ci, ba abin da zai yi magani sai an buɗe inji. Saboda haka a wanke matata da kabireta, a sa sabon fulogi, kana a auna. Na sha ganin an sayad da inji mai lafiya saboda soson matata da ba a taɓa wankewa ba.

Injin Alhaji ya daɗe yana aiki, ko bayan garambawul da muka auna sai ya sha lita 3.6 cikin awa biyu, watau lita 1.8 ke nan a awa. Don sanin cin sabo, ba mu dogara da abin da aka rubuta jikin kwali ba, gama wannan awo ne na ma'aikata, ba na Hanwa ba. Wani maƙwabcinsa yana da irin wanda za a saya, ya yi shekara yana aiki, muka aro muka ɗora masa aikin nan guda. Ya sha lita 1.5 a awa.

Bambancin bai kai rabin gorar ruwa ba a awa, har Alhaji ya yi dariya. To, amma yana kunna inji kamar awa uku kowace rana, watau wajen awa 1,000 a shekara. Tsoho zai sha lita 1,800, sabo lita 1,500. In mun ɗauka lita naira 1,000 ce, tsoho ya ci N1,800,000, sabo N1,500,000. Rarar naira dubu 300 ke nan kowace shekara.

Da can irin wannan rara ba ta damun kowa. Kafin a janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, farashin gwamnati na lita bai kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Wanda ya yanke shawarar riƙe tsohon injinsa kafin wancan lokaci, lalle ya kamata ya sake lissafi.

ABIN DA ZA A RUBUTA DA WANDA ZA A BARI

Muka sami takarda muka raba ta biyu, gefe ɗaya tsoho, gefe ɗaya sabo. Tun da bakanike ya ce tsoho shekara uku zai ƙara, sai muka tsai da lissafin duka biyu a kan shekara uku. Ba daidai ba ne a gwada kuɗin shekara uku na wannan da na shekara biyar na wancan. Sabo zai kai bayan shekara uku da sauran ƙarfinsa, don haka sai a rubuta abin da za a saye shi a lokacin, a cire daga kuɗin da ya ci.

Gefen tsoho: yau za a biya garambawul N100,000. Gyara da baƙin mai, bisa ga abin da ya saba kashewa da abin da bakanike ya hango, N150,000 a shekara ta fari, N200,000 a ta biyu, N250,000 a ta uku, gama tsohon inji kullum ƙara ciwo ya ke yi. A ƙarshe 'yan gwangwan za su saye shi N50,000.

Gefen sabo: kuɗinsa N1,000,000, amma in an saye shi za a sayad da tsoho yadda ya ke N150,000, saura N850,000 ke nan za su fita daga aljihu yau. Juyen baƙin mai da ƙananan gyare-gyare N60,000, sa'an nan N80,000, sa'an nan N100,000. Bayan shekara uku zai sayu N300,000.

Nan Alhaji ya tsai da ni ya ce, "Ba ka rubuta dubu ɗari biyu da na kashe bara wajen naɗin koyil ba. In na sayar, ai sun tafi a banza."

Na ce, "Alhaji, ko ka sayar ko ka riƙe, waɗannan kuɗi sun riga sun tafi, ba mai dawo maka da su. In naɗin ya ƙara wa inji daraja, tana cikin dubu 150 da aka taya." Wannan ita ce ƙa'ida: abin da aka riga aka kashe, har da kuɗin da aka sayi injin tun fari, ba ya shiga lissafi. Abin da zai fita ko ya shigo daga yau zuwa gaba kaɗai a ke rubutawa. Mutane da yawa tausayin kuɗin jiya ke sa su asarar na gobe.

In an haɗa mai da gyara, aka cire kuɗin sayarwa daga shekara ta uku, ga yadda takarda ta tsaya:

Tsoho: yau N100,000, shekara ta 1 N1,950,000, ta 2 N2,000,000, ta 3 N2,000,000. Jimla N6,050,000.

Sabo: yau N850,000, shekara ta 1 N1,560,000, ta 2 N1,580,000, ta 3 N1,300,000. Jimla N5,290,000.

Wanda ya tsaya nan zai ce sabo ya fi araha da naira dubu 760. Amma wannan jimla da sauranta, domin an haɗa kuɗin yau da na baɗi da na baɗin baɗaɗa kamar darajarsu ɗaya.

NAIRAR YAU DA NAIRAR BAƊI

Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Kowane ɗan kasuwa ya san in aka ce ya zaɓa, a ba shi naira dubu yau ko a ba shi baɗi, ta yau zai karɓa, domin zai juya ta kafin baɗi ta haihu. Haka kuma in biya zai yi, ya fi so a ɗaga masa zuwa baɗi. Sabon inji kuɗinsa masu yawa yau za su fita, amfaninsa kuwa sai a hankali. Tsoho yana barin kuɗi a hannunka yau, ya riƙa tatsarka daga baya. Ba a iya gwada su sai an mai da kowane kuɗi zuwa darajarsa ta yau.

Tambayar ita ce, in kuɗin nan suna hannunka, nawa su ke haifa maka a shekara? Ba zancen bashi da ruwa mu ke yi ba, ribar sana'arka ta halal mu ke nufi, wadda za ka rasa in ka ɗaure jarinka a inji. Alhaji ya kan sayi masara da kaka ya ajiye don kaji, ya kan kuma yi kiwon raguna don Babbar Salla.

Sai dai a lura da abu guda. Riba ta naira tana ruɗi a zamanin tsada. A watan Disamba 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari, saboda haka wanda jarinsa ya ƙaru da kashi 30 a wannan shekara, a gaskiya baya ya ci. Mu kuwa cikin takardarmu farashin yau muka sa wa fetur har shekara uku, ba mu ƙara masa kome ba. Tilas ne ita ma riba mu auna ta ba tare da kumburin farashi ba. Hanya mai sauƙi ita ce a auna da buhu. In jarinka bana yana sayen buhu 10 na masara, baɗi shi da ribarsa suka sayi buhu 12, to, ribarka ta gaskiya kashi 20 cikin ɗari ce. Da Alhaji ya duba littafinsa, kusan haka tasa ta kama.

To, in naira 100 ta yau za ta zama 120 baɗi, nawa za a ajiye yau don a sami naira ɗaya baɗi? Sai a raba 1 da 1.2, a sami kwabo 83. Don shekara biyu a sake rabawa da 1.2, a sami kwabo 69. Don shekara uku a ƙara rabawa, a sami kwabo 58. Watau ga Alhaji, nairar da zai biya baɗi nauyinta kwabo 83 ne a yau, ta shekara biyu kwabo 69, ta shekara uku kwabo 58. Kuɗin da za a biya yau kuwa ba a rage masa kome.

Yanzu sai a ninka kuɗin kowace shekara da kwabonta.

Tsoho:
Yau ............ N100,000
Ta 1: 1,950,000 × 0.83 = N1,618,500
Ta 2: 2,000,000 × 0.69 = N1,380,000
Ta 3: 2,000,000 × 0.58 = N1,160,000
Jimla .......... N4,258,500

Sabo:
Yau ............ N850,000
Ta 1: 1,560,000 × 0.83 = N1,294,800
Ta 2: 1,580,000 × 0.69 = N1,090,200
Ta 3: 1,300,000 × 0.58 = N754,000
Jimla .......... N3,989,000

Ma'anar waɗannan jimloli ita ce: da Alhaji zai ware kuɗi yau, ya riƙa juya su yana cire na inji har shekara uku, N4,258,500 zai ware wa tsoho, N3,989,000 zai ware wa sabo. Wanda jimlarsa ta fi ƙanƙanta shi ya fi araha. Sabo ya ci, amma da N269,500, ba dubu 760 da muka fara gani ba. Kusan kashi biyu cikin uku na waccan rara, jira ya cinye ta.

Akawu mai lura zai ce ai fetur kullum a ke saye, ba ƙarshen shekara ba. Gaskiya ne. Mun tara shi ƙarshen shekara don sauƙi ne, kuma wannan ɗan son kai ga tsoho ya tafi, domin rarar da sabo ke kawowa tana fara shigowa tun ranar fari. In sabo ya ci duk da haka, ya ci ke nan.

INDA LISSAFI KE JUYAWA

Kada wani ya karanta wannan ya ce malamin gona ya ce kowa ya sayi sabo. Abu biyu ke iya kifad da hukuncin nan.

Na ɗaya, yawan awoyin aiki. Akwai wani akawu a unguwar da injinsa irin na Alhaji ne, amma shi kaji ɗari kaɗai gare shi, awa 500 ya ke kunnawa a shekara. Rarar mai a wurinsa dubu 150 ce, ba dubu 300 ba. Ga gajeriyar hanyar lissafinsa, wadda ba ta bukatar jimla biyu. Sayen sabo zai ƙara masa N750,000 a yau, watau 850 a cire 100. Abin da sabo zai rage masa kuwa, mai da gyara da bambancin kuɗin sayarwa, N240,000 ne a shekara ta fari, N270,000 a ta biyu, N550,000 a ta uku. In an ninka su da kwabo 83 da 69 da 58, sun zama N199,200 da N186,300 da N319,000, jimla N704,500. Ba su kai 750 ba. A wurinsa tsoho ya fi araha da N45,500, balle ma injin da ba ya shan wahala gyaransa bai kai haka ba, kwanansa kuma ya fi tsawo. Cikin wannan misali iyakar tana wajen awa 570 a shekara, kamar awa ɗaya da rabi a rana. Wanda ya haura haka sabo ya fi masa, wanda bai kai ba ya riƙe tsohonsa. In wuta ta ƙara samuwa a unguwarku, ko farashin fetur ya faɗi rabi, daidai ya ke da an rage awoyin nan.

Na biyu, tsadar kuɗi a hannun mai shi. Wanda jarinsa kaɗan ne, yana juya shi da sauri, buhunsa 10 na iya zama 14 a shekara. A wurinsa nairar baɗi kwabo 71 ce, ta shekara biyu 51, ta shekara uku 36. Da awa 1,000 irin na Alhaji, sabo yana rage N390,000 da N420,000 da N700,000. In an ninka su da waɗannan kwabbai, jimla ta kama wajen N743,000, ga kuma 750 da za a fitar yau. Kunnen doki ke nan. Wanda ribarsa ta wuce haka, ko wanda sayen inji zai sa ya rasa kuɗin abincin kaji, gara ya lallaɓa tsoho. Inji ɗaya, fetur ɗaya, amma hukunci biyu, domin aljihun ba ɗaya ba ne.

ABIN DA TAKARDA BA TA NUNA BA

Saura abu guda da ya kamata mai kaji ya ƙara da hannunsa, watau asarar ranar da inji ya ƙi tashi. A Zariya zafin Maris da Afrilu ba ya wa kaza da sauƙi. In ta wuni ba ruwa ƙwai zai ragu, kuma ba ya komawa daidai washegari. Alhaji ya tuna bara sau huɗu injinsa ya tsaya, ya koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa, tumatirinsa kuma ya yi yaushi. A ƙiyasta kwanakin, a sa musu kuɗi, a ƙara a gefen tsoho cikin shekarar da a ke zaton faruwarsu.

Shi ma sabo yana da nasa haɗari. Kasuwa cike ta ke da jabu, waɗansu an rubuta musu ƙarfin da ba su da shi, waɗansu wayar koyil ɗinsu ba jan ƙarfe ba ce. Irin wannan ba zai kai shekara uku ba, balle a saye shi dubu 300. In an share wannan dubu 300 daga lissafin Alhaji, sai a cire N174,000 daga ribar sabo, saura N95,500 kacal. Don haka a tafi kanti da bakanike, a gwada inji da nauyi kafin a biya, a karɓi rasit da alkawarin gyara a rubuce. A kuma tuna famfo yana jan wuta ninki uku ko fiye sa'ad da ya ke tashi, kada a sayi ƙaramin inji don araha ya zo ya kasa ɗaukarsa. Wanda kuma ke tunanin famfo mai aiki da hasken rana, ya buɗe masa gefe na uku a takardar nan, ya bi shi da lissafi iri ɗaya.

Da muka gama Alhaji ya daɗe yana duban takarda, sa'an nan ya ce, "Ashe shekara da shekaru ina kiwon ɓarawo a gida ban sani ba." Tun da an riga an yi garambawul don mu sami awo, wannan dubu ɗari ta shiga cikin abin da ya wuce, sai muka share ta daga gefen tsoho. Ratar ta sauko zuwa N169,500, ko da ya ke inji gyararre zai fi sayuwa da daraja. Har yanzu sabo ke gaba. Ya ce sai ya gama sayen masarar kaka tukuna, kana ya saya. Akawu kuwa ya wanke matatar injinsa ya ci gaba da abinsa. Ku kuwa masu karatu, ku yi naku lissafin kafin a kunce inji, ba bayan an kunce ba. In bakanike ya faɗi kuɗin garambawul, ku tambaye shi shekara nawa zai ƙara, ku rubuta, ku auna cin mai, kana ku yanke shawara.

Wanda lissafin ya shige wa duhu ya aiko da adadin awoyinsa da litocinsa ta hannun Edita, in Allah ya so za mu warware masa a wannan fili. Mako mai zuwa za mu koma kan ajiyar masara da maganin ƙwari a rumbu. Allah ya kai mu.